Baƙanta majigi da tsallakawa zuwa silaid ɗin da ake so a tsakiyar darasi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Bayoloji a aji biyu na babbar sakandare, kuma bana aka sa mana majigi a ɗakin gwaje-gwaje. Idan na tsaya ina bayani, idanun yara suna kan bango, ba sa saurarona sai na tare hasken da littafi. Idan kuma wani ya yi tambaya a kan hoton da muka wuce, sai in yi ta danna kibiya baya, wajen dawowa kuma in zarce har amsoshin da ban so su gani ba su fito. PowerPoint nake amfani da shi a laftof. Akwai hanya mafi sauƙi?

Wa alaikumus salam, Malama. Akwai, kuma ba sai kin sayi komai ba. Amma kafin nan, ki daina sa littafi a bakin gilashin majigin. Hasken da ke fitowa daga wurin yana da zafi sosai, yana iya babbake takarda, kuma zafin da ya koma ciki yana lahanta gilashin. Abin da kike so littafin ya yi miki, harafi ɗaya ne yake yinsa.

Yayin da silaid yake cike da bango, ki danna B. Bangon zai koma baƙi. Idan kin gama maganarki, ki sake danna B, silaid ɗin da kika bari ya dawo yadda kika bar shi, ba a ci gaba ba, ba a koma baya ba. Madannin aya, wato ɗigon ƙarshen jimla, shi ma aikin da yake yi ke nan. W kuma fari yake mayar da bango, abokin aikinsa shi ne waƙafi. Sharaɗi ɗaya ne: sai ana cikin nuni, wato bayan kin danna F5. Idan kina fuskar da ake gyara silaid, kuma alamar rubutu tana cikin akwati, to harafin b kawai za ki ƙara a cikin rubutunki.

Ki lura, B ba ya kashe majigi. Kwamfuta ce take aika masa baƙin hoto, shi kuma yana haskawa. Fitilarsa a kunne take, fankarsa tana juyawa, idan ɗakin da duhu za ki ga ɗan murabba'i mai ruwan toka a bango. Saboda haka ba ya rage cin wuta, abin da ya kamata ki sani idan janareto ko batirin sola kuke amfani da shi. Amfaninsa shi ne dawowa nan take. Majigi mai fitila idan aka kashe shi gaba ɗaya sai ya ɗauki lokaci kafin haskensa ya cika, wasu ma ba sa yarda su tashi sai sun huce. Don tsayawar minti biyu zuwa goma, B ya isa. Idan yara za su shiga aikin gwaji na rabin sa'a, ki duba rimot ɗin majigin kansa. Na Epson yana da maɓallin A/V Mute, wasu kamfanonin sun rubuta Blank, ko kuma ki kashe shi kawai.

Game da W, ni ban cika ba da shawararsa ba. Wanda ya tsaya gaban majigi ya danna shi, idonsa ne hasken zai fara bugawa. Inda yake da rana shi ne idan an rufe tagogi ɗakin ya yi duhu, kina so yara su ga littattafansu su rubuta wani abu, kuma maɓallin wutar ɗakin yana can bakin ƙofa. Idan kuma majigin naku a kan farin allon rubutu yake haskawa, kamar yadda ake yi a makarantu da yawa, to B ne zai ba ki allon ki yi rubutu da maka ba tare da hoton ya hau kan rubutun ba.

Lokacin dannawa ya fi madannin kansa wuyar koyo. Ki danna B kafin ki yi tambaya, ba bayan kin yi ba, don idan hoton yana nan yaro zai nemi amsa a bango ne maimakon a kansa. Ki danna idan ɗalibi ya miƙe zai yi magana, sauran su juyo gare shi. Kada ki danna yara suna tsakiyar kwafar zane, sai kin ce musu saura minti ɗaya. Malamin da ya riƙa baƙanta bango kowane minti biyu kuwa, gajiyar da ido kawai yake yi.

Yanzu tsallakawa. A cikin nuni, ki buga lambar silaid ɗin, sannan ki danna Enter. Silaid na 5: 5, Enter. Na 14: 1, 4, Enter. Lambobin ba sa fitowa a ko'ina yayin da kike bugawa, babu akwatin da zai buɗe, shi ya sa mutane da yawa suke zaton bai yi aiki ba su fasa. Ki buga kawai, ki danna Enter, za ki gan ki a can. Yara ba sa ganin ko ɗaya daga silaid ɗin da ke tsakani. Home yana kai ki na farko, End na ƙarshe.

Bari in ɗauki darasi irin naki don ki ga bambancin. A ce zagayawar jini kike koyarwa, minti 40, silaid 22. Na 5 shi ne babban hoton zuciya da ɗakunanta huɗu. Daga na 7 zuwa na 10 hanyar jini ce: ya dawo daga jiki ya shiga ɗakin dama na sama, ya sauka na ƙasa, ya tafi huhu, ya dawo ɓangaren hagu, a tura shi jiki. Kowanne daga cikin huɗun nan kin sa masa kibiyoyi huɗu masu fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na 16 tambayoyi biyar ne, na 17 amsoshinsu, na 18 aikin gida.

Kina kan na 14, kina maganar jijiyoyi, sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, me ya sa bangon ɗakin hagu na ƙasa ya fi na dama kauri?" Amsar tana hoton na 5. Da kibiya, tazarar silaid tara ce, amma ba danni tara za ki yi ba. PowerPoint idan ana komawa baya yana warware kowane motsi ɗaya bayan ɗaya kafin ya bar silaid ɗin. Silaid huɗu masu motsi huɗu-huɗu sun ƙara miki danni 16, jimla 25. Dawowa ma 25. A nan ne hannu yake gajiya, mutum ya danne kibiyar ya bar ta tana gudu, kafin ya ankara ya wuce 14, ya wuce 16, amsoshi sun baje a bango, na bayan aji sun kwashe. Da lamba kuwa, 5 da Enter, danni biyu. Ki nuna mata cewa ɗakin dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya kai shi har tafin ƙafa. Ki danna B, ki tambayi ajin me zai faru da huhu da a ce ƙarfin biyun ɗaya ne. Su tattauna. B, sannan 1, 4, Enter, kin dawo bakin zarenki.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: ki san lambobin. Nan ne yawancin malamai suke tuntuɓe, ba a madannin ba. Kafin darasi ki ɗauki ƙaramar takarda ki rubuta wuraren da kike tsammanin za a koma, biyar ko shida, ba duka 22 ba. Misali, 5 zuciya, 8 huhu, 11 jijiya a yanke, 16 tambayoyi, 17 amsa, 18 aikin gida. Ki manna ta da salatif a gefen kibod. Sannan ki sa lamba a jikin silaid ɗin: Insert, Slide Number, ki sa alama a akwatin Slide number, ki danna Apply to All. Wannan yana da riba biyu. Ke za ki ga lambar inda kike kafin ki bar wurin, don wanda ya tsallaka bai duba daga inda ya taso ba, dawowa za ta ba shi wuya. Yara kuma za su koyi cewa "Malama, a koma na takwas," maimakon "wancan mai jan abu ɗin nan." Idan ya zama kin tafi ba ki duba ba, ki danna maɓallin dama na linzami, a jerin da ya fito akwai Last Viewed, zai mayar da ke inda kika baro.

Takardar nan tana lalacewa da zarar kin cusa sabon silaid a tsakiya. Ki ƙara ɗaya bayan na 3 da daddare, da safe 5 ya zama 6, 17 ya zama 18, takardarki tana nan da tsohon lissafi. Don haka sai kin gama gyara kaf sannan ki rubuta ta, abin da ya zo miki daga baya kuma ki jera shi a ƙarshe.

Amsoshin da suke kufce miki kuwa, maganinsu ɓoyewa. A fuskar gyara, ki danna maɓallin dama a kan ƙaramin hoton na 17 a gefen hagu, ki zaɓi Hide Slide. Za ki ga an soke lambarsa da layi, hoton ya dusashe. Daga nan kibiya ba ta tsayawa a kansa, daga 16 sai 18. Amma bai rasa lambarsa ba, yana nan a matsayin na 17, kuma 1, 7, Enter yana buɗe shi. Idan kina kan na 16 ma, harafin H ya isa, domin aikinsa ke nan: buɗe ɓoyayyen silaid ɗin da ke biye. Wannan dabara ita ce ta fi burge ni a duk abin da na faɗa, saboda tana ba ki damar zuwa aji da guzuri. Daga na 19 zuwa na 22 ki ajiye abubuwan da ƙila a tambaya: hoton bawul ɗin zuciya, jadawalin rukunin jini, tsohuwar tambayar WAEC ko NECO a kan batun. Ki ɓoye su duka. Idan an tambaya, ga su a yatsunki. Idan ba a tambaya ba, darasi ya ƙare a na 18 ba wanda ya san da su.

To idan kin manta lambar, takardar ma ba ta kusa? Hanya biyu ce. G yana baje dukkan silaid ɗin a ƙananan hotuna, ki danna wanda kike so da linzami. Ctrl+S kuma, a cikin nuni, ba adanawa yake yi ba: yana buɗe ƙaramin akwati mai suna All Slides, mai jerin lambobi da kanun kowane silaid. Wannan jerin ba shi da amfani idan ba ki rubuta wa silaid ɗinki kanu a akwatin kanu ba, sai ki ga Slide 7, Slide 8 kawai. G ya shigo ne daga PowerPoint 2013. Idan kwamfutar makaranta tana ɗauke da 2007 ko 2010, kuma har yau akwai su da yawa, Ctrl+S ne naki. Wasu za su ce miki madannin karan ɗori, wato alamar ɗebewa, shi ma yana baje hotunan. Gaskiya ne a sababbin, amma a 2007 da 2010 rufe nunin yake yi gaba ɗaya, don haka kada hannunki ya saba da shi.

Sai dai kafin ki danna G a gaban aji, ki tabbatar da abin da bango yake nunawa, domin a nan asirin ɓoyayyun amsoshi yake tonuwa. Laftof da majigi suna iya haɗuwa ta hanya biyu da suka shafe mu. Ki danna madannin Windows tare da P, za ki ga zaɓi huɗu. Duplicate yana nufin abin da ke fuskar laftof shi ne a bango, sak. Extend yana nufin fuska biyu ne daban-daban. A kan Duplicate, idan kin danna G, yara ma sun ga dukkan ƙananan hotunan, har da na 17 ɗin da kika ɓoye, ko da ya ɗan dusashe. Mai kaifin ido a layin gaba zai karanta. A kan Extend, tare da abin da ake kira Presenter View, bango yana nan a kan silaid ɗinsa, ke kaɗai kike ganin hotunan a laftof, ki zaɓa a nitse.

Presenter View ɗin ana kunna shi ne a shafin Slide Show, akwai akwatin Use Presenter View. Daga 2013 zuwa yau, idan akwatin yana da alama kuma majigi yana haɗe, PowerPoint da kansa yake mayar da haɗin zuwa Extend idan kin fara nuni. A fuskarki za ki ga silaid ɗin da ake kai, wanda ke biye da shi, bayanan da kika rubuta wa kanki, agogo, da rubutu a ƙasa irin Slide 14 of 22, wanda ya raba ki da neman lamba. Wani lokaci yakan juya, bayananki su fito a bango, silaid ɗin ya zauna a laftof. Kada ki zare waya. A saman fuskar akwai Display Settings, a ciki akwai Swap Presenter View and Slide Show, danni ɗaya ne. Kuma za ki iya gwada duk wannan a gida ba majigi: Alt+F5 yana buɗe Presenter View a laftof shi kaɗai.

Akwai wani maɓalli a yawancin rimot ɗin majigi da ya kamata ki nema, Freeze. Yana daskarar da hoton da ke bango, ke kuma ki yi abin da kike so a laftof, ki fita daga nunin, ki buɗe wani fayil, ki gyara kuskuren rubutu. Idan wajibi ne ki zauna a kan Duplicate, shi ne zai rufa miki asiri. Ki dai tuna ki sake danna shi, don ana ganin malami ya yi nisa da bayani yana canza silaid a laftof, bango kuwa yana tsaye wuri ɗaya, yara sun yi shiru suna kallonsa. Idan kuma kin fita daga nuni a tsakiyar darasi, da Shift+F5 za ki koma, shi ne yake farawa daga silaid ɗin da kike kai. F5 shi kaɗai na farko zai mayar da ke.

Yanzu abubuwan da suke hana madannan nan aiki, da yadda za ki gane kowanne daga alamarsa.

Idan kin danna F5 sai hasken fuska ya sauya ko sauti ya ragu, laftof ɗin ne aka saita layinsa na sama don haske da sauti. Ki haɗa da Fn, wato Fn+F5, ko Fn+Shift+F5. A laftof da dama Fn+Esc yana juya saitin dindindin.

Idan kin buga lamba a rukunin lambobin da ke gefen dama na kibod, sai nunin ya yi tsalle tun kafin ki kai ga Enter, to Num Lock a kashe yake. A wannan hali madannan ba lambobi ba ne: 1 ya zama End, 7 ya zama Home, 4 da 6 kibiyoyin hagu da dama, 9 da 3 kuma Page Up da Page Down. Kina nufin na 14, kin taɓa 1, kin tsinci kanki a ƙarshen darasi. Ki kunna Num Lock, ko ki saba da lambobin layin sama, waɗanda ba ruwansu da shi. Idan kuma kin ga an ci gaba da silaid ɗaya tak, lambar ce ba ta shiga ba, Enter shi kaɗai kuwa gaba yake nufi. Kuma kada ki nemi goge lambar da kika buga bisa kuskure da Backspace, a cikin nuni aikinsa komawa baya ne. Ki ƙarasa da Enter, ki sake buga daidai.

Idan babu madannin da ke amsawa sam, ba B ba, ba kibiya ba, mafi yawa hankalin kwamfutar ne ya koma wata taga. Yana faruwa a kan Extend: kin taɓa wani fayil ko wani saƙo ya faɗo, daga nan duk abin da kika danna can yake tafiya. Alt+Tab zai dawo da ke tagar nunin. Na fi son sa a kan danna linzami a jikin silaid, don wannan dannin yakan ciyar da shi gaba. Idan kuwa fayil ɗin daga wani kika karɓa, kuma Esc kaɗai ke aiki, ki duba Slide Show, Set Up Slide Show. Wataƙila an zaɓi Browsed at a kiosk, wanda aka yi don nunin da ke juyawa shi kaɗai a wurin baje koli, yana kulle kibod. Ki mayar da shi Presented by a speaker. A shafin nan dai akwai akwatin Use Timings. Idan silaid ɗinki suna wucewa da kansu kina tsakiyar magana, ki cire alamarsa.

Akwai kuma batun harshe. Haruffan nan daga sunayen launuka aka ɗauko su, saboda haka PowerPoint na Faransanci, irin wanda 'yan'uwanmu malamai a Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Injamena suke samu, nasa daban ne: N ne baƙi, B kuma fari. Malamin da ya koyi B a Kano ya je can ya danna, farin haske zai watsa wa aji. Aya da waƙafi su ne ba sa canzawa. Sai dai a kibod ɗin Faransanci, wanda layin haruffansa na sama ya fara da AZERTY, aya da lambobin sama duk sai an haɗa da Shift. Ko a nan gida, tsofaffin laftof da ake shigowa da su daga Turai wasu da irin wannan kibod suke zuwa, ki duba naki. Masu koyar da Larabci kuma, idan harafi ya ƙi aiki, su fara duba kusurwar agogo ko kibod ɗin yana kan Larabci, su juya shi da Windows da Space.

Wani baƙin bango kuma ba na B ba ne. Idan kin wuce silaid na ƙarshe, fuska takan yi baƙi da ɗan rubutu a sama, End of slide show, click to exit. A nan dannin gaba rufe nunin yake yi, ya bar yara suna kallon fuskar gyara da dukkan ƙananan hotunanta a gefe. Kibiyar baya za ta mayar da ke ciki.

Alƙalami ba ki tambaya ba, amma a hoton zuciya za ki so shi. Ctrl+P yana mayar da linzami alƙalami, ki bi hanyar jini da jan layi. E yana share abin da kika zana a silaid ɗin, Ctrl+A yana dawo da kibiyar linzami, Ctrl+L kuma jan ɗigo ne na nuni wanda ba ya barin alama. Tarkon da ke ciki shi ne, muddin alƙalami yana hannu, danna linzami ba ya ciyar da silaid gaba, ɗige-ɗige kawai yake yi, sai ki yi amfani da kibiya ko Space. Idan kin rufe nunin zai tambaye ki ko a ajiye zanen. Discard za ki zaɓa, in ba haka ba aji na gaba zai tarar da amsar a zane.

Idan wata rana kin koma Google Slides ko LibreOffice Impress, hannunki ba zai sake koyo ba: B da aya, W da waƙafi, lamba da Enter, duk suna aiki a cikinsu. Farawar ce ta bambanta, a Google Slides Ctrl+F5 ne, domin F5 shi kaɗai sake loda shafin yake yi. G da H da Ctrl+S kuwa ki bar su a matsayin na PowerPoint. A cikin PowerPoint na Windows, F1 a tsakiyar nuni yana fito da jerin madannan da sigar da ke gabanki ta sani, shi ne abin dubawa idan kwamfutar ba taki ba ce.

Saura ɗan rimot ɗin hannu da ake sayarwa don canza silaid. Kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin ƙaramin kibod ne: maɓallin gaba Page Down yake aikawa, na baya Page Up, na baƙantawa kuma aya ko B, gwargwadon kamfanin. Yana da daɗi, don za ki iya baƙanta bango daga bayan aji, inda masu surutu suke. Amma ba shi da lambobi, ba ya tsallakawa. Saboda haka ki ajiye laftof ɗin a inda taku biyu zai kai ki, fuskarsa tana kallonki, ba a can kusurwar da wayar majigi ta ƙare ba. Idan wayar ta gaza, a nemo doguwa, ko ƙaramin kibod mara waya a ɗora a teburin gaba tare da takardar lambobin.